Buhun fulawa 18 a sati, amma duk Asabar sai suga ya ƙare mana. A ina lissafin yake zuba?

Ɗan_Rigasa: Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da yayana ya bar mini kula da ƙaramin gidan burodinmu a Rigasa. Muna kwaɓa buhu 3 na fulawa kullum, Litinin zuwa Asabar, Lahadi mu wanke gwangwanaye mu huta. Duk Litinin ina sayo fulawa buhu 18, suga buhu 2, bota katan 3, yis da gishiri kuwa sai na ga sun yi ƙasa. Haka na tarar ana yi. Damuwata biyu ce. Ta farko, kusan duk Asabar da asuba suga yake yanke mana, wani lokaci ma tun a kwaɓin farko, sai in tura yaro ya buga wa mai shago ƙofa ya auno mana a mudu da tsada. Ta biyu, buhu ɗaya yau ya ba ni manyan burodi 170, gobe 160, jibi 158. Masu shayi da shaguna suna jiran manya 300 da ƙanana 400 kullum. Don Allah wanda ya san yadda ake rubuta kayan da ake buƙata na sati ya taimaka mini, na gaji da aiki da ka.

Garba_Kakuri: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ba sai an yi dogon lissafi ba, yaranka ne suke ɗiba. Sa kwaɗo a sito ka riƙe makulli, ka ga ko sugan zai sake ƙarewa.

BabaMaiOben: Garba, a bi a hankali. Zargin mutum da sata ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yanzu ba mu ji komai ba. Ɗan_Rigasa, ɗana, gaya mini abin da kuke zubawa a buhu guda, ɗaya bayan ɗaya, da nauyinsa. Sannan giram nawa kuke yanka ƙullun babba da na ƙarami kafin ya shiga gwangwani?

Ɗan_Rigasa: To Baba. A takardar da yayana ya bar mini, buhu ɗaya mai kilo 50 yana cin ruwa lita 27, suga kilo 6, bota kilo 2, gishiri giram 800, yis fakiti ɗaya mai giram 500, imfuruba giram 200. Babba ana yanka giram 500, ƙarami 250.

Akawun_Kawo: Ai maganar suga ta fito fili, ba sai an je sito ba. Buhu 18 sau kilo 6 ya kama kilo 108. Kai kuma buhu 2 kake sayowa, kilo 100 ke nan. Tun ranar Litinin da motar ta sauke kaya ka riga ka ci bashin kilo 8, kawai dai ba ka gani ne sai Asabar. Buhu 16 na farko za su cinye kilo 96, saura kilo 4, na 17 kuma yana neman 6. Na 17 ɗin shi ne kwaɓi na biyu ranar Asabar. Ko mala'iku ka ɗauka aiki haka zai faru.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Ka ce wani lokaci tun a kwaɓin farko yake yankewa. Bisa takardarka bai kamata ba, ya kamata na 16 ya wuce lafiya. Da me ake auna sugan?

Ɗan_Rigasa: Da wata robar fenti, an yi mata alama da wuƙa a ciki. Wallahi ban taɓa ninka 6 ɗin nan sau 18 ba, Allah ya saka da alheri.

Maman_Biyu: Sannunku. Ni dai imfuruban nan nake so a yi mini bayani, ana iya sa shi a cincin da kek? Ina yin na biki a Unguwar Sanusi.

Hajiya_Malali: Maman_Biyu, na burodi ne, don ƙullun yis ake yin sa. Kek ɗinki bakin hoda ya ishe shi. Ki same ni ta gefe mu yi magana kada mu karkatar da zancen bawan Allah.

Injiniya_Mando: Ni lissafin burodin ne bai yi mini ba. Ku haɗa kayan: 50 da 27 da 6 da 2, ga giram 800 da 500 da 200, jimla kilo 86 da rabi. Na taɓa ɗora irin wannan babban burodin a sikeli, giram 450 ne. Raba kilo 86 da rabi da 450, ka samu 192. To in 192 ya kamata ya fito, shi kuma 160 yake gani, ina sauran 30 da wani abu? Ina ganin Garba yana da gaskiya.

BabaMaiOben: Injiniya, haɗawarka daidai, rabawarka ce ta kauce. Burodin da ka auna gasasshe ne. Ƙullun da ya shiga wuta da giram 500 ba ya fitowa da 500, ruwa ne yake tashi ya bar shi, wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, har da wanda yake fita lokacin da yake hucewa a kan katako. Shi ya sa ka ga 450. Giram 50 ɗin nan babu wanda ya ci, tururi ya zama. Don haka da nauyin ɗanyen ƙullu ake rabawa, wanda aka yanka, ba da na gasasshe ba.

Sannan kilo 86 da rabi ɗin ma ba duka yake isa teburin yanka ba. Wani ya manne a injin kwaɓi, wani a injin murza, wani a hannu da bakin buhu. Ni a wurina ina cire kilo ɗaya da rabi, in rubuta 85. Kilo 85 a yanka giram 500 ya ba ka 170 cif. To ka ga ranar da yaron nan ya samu 170, ranar ce aka yi aiki daidai. Tambayar ita ce ranar 160.

Shekaru da yawa da suka wuce na sha irin wannan. Mai yankana ya ƙware, har ya daina kallon sikeli, sai ya ɗora ƙullu ya ɗauke kafin allurar ta tsaya. Wata asuba na tsaya a bayansa na ɗebi guda goma daga teburi na auna da kaina. Babu ko ɗaya da ya yi 500, daga 520 sai 540. Ba mugunta ba ce, hannu ne yake nauyi in gajiya ta zo, kuma mai yanka ya fi tsoron a ce burodinsa ya yi ƙanƙanta a kan a ce ya yi girma. Yanzu ɗauki 530. Kilo 85 a yanka 530 ya ba ka 160. Giram 30 kacal, abin da bai kai ƙwai ɗaya nauyi ba, ya cinye maka burodi 10 a kowane buhu. Buhu 18 a sati, burodi 180. Ya fi abin da buhun fulawa guda yake haifarwa. Ka raba shi kyauta ga masu saye, ba su ma san ka ba su ba.

Injiniya_Mando: Na karɓi gyara, Baba. Ban yi tunanin tururin ba.

Garba_Kakuri: To na ji. Amma dai makullin sito ba laifi ba ne. Ni an yi mini, shi ya sa.

Hajiya_Malali: Ɗan_Rigasa, ƙanena, bari in faɗa maka yadda nake yi, don ni ma da haka na fara, da "buhu nawa za mu kwaɓa yau". Wannan tambayar ta baya ce. Ka fara daga bakin ƙofa, wato abin da za a ɗauka, ka dawo da baya zuwa sito.

Manya 300 sau giram 500, ƙullu kilo 150. Ƙanana 400 sau 250, kilo 100. Jimla 250. Buhunka 3 suna ba da 255 in an yanka daidai. Wato rarar kilo 5 kawai gare ka a yini, kamar manya 5 da ƙanana 10. Daga cikin wannan ne za a samu wanda ya ƙone a lungun oben, wanda ya maƙale a gwangwani ya yage, wanda ya faɗi ƙasa, da wanda yara za su karya da shi. Ni ina ware 3 cikin ɗari don irin wannan, kuma da ka yi haka sai ka ga kana buƙatar kilo 257 da rabi, ya ɗara abin da buhu 3 za su iya. Ka ga ke nan ko ba a yi nauyin hannu ba kana kan gaɓa. Da an yi kuwa, dole wani mai shayi ya koma da kwalinsa bai cika ba.

Abu na biyu, takardar yayanka ta kwaɓi ce, ba ta kayan aiki ba. Ta faɗi abin da ke shiga cikin burodi, ta yi shiru a kan abin da burodi yake ci kafin ya fita ƙofa. Ina leda? Manya 305 sau kwana 6, leda 1,830. Ƙanana 410 sau 6, leda 2,460, ban da masu yagewa da waɗanda aka buga musu tambari a karkace. Ina abin ɗaure baki? Ina man shafa gwangwani? Ina itace, ina man janareta? Ranar da ledata ta ƙare da ƙarfe biyar na asuba, burodi yana nan jere ya huce, mai keke yana jira a waje, ranar na san leda ma kayan haɗi ce kamar fulawa.

Ɗan_Rigasa: Hajiya kin taɓo wani wurin. Botan ma ba ta kai mana. Katan ɗin da nake saye kilo 10 ne, uku 30 ke nan, kuma yanzu da na ninka na ga 36 ake buƙata. Kuma daga cikinta ake ɗiba a shafa gwangwani.

Hajiya_Malali: To ka gani. In kuwa ba ka taɓa jin an ce bota ta ƙare ba, ka sani mai kwaɓi ne yake rage hannu daga Alhamis don ta kai. Tambayi masu sayenka ko burodin ƙarshen sati yana saurin bushewa. Ka ba shafa gwangwani layinsa daban a takarda, ka auna abin da ake ci a yini ɗaya ka rubuta.

Sarkin_Shayi_TW: Ni mai saye ne ba mai gashi ba, teburina yana Tudun Wada. Wallahi abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, muna ganewa. Burodin da aka rage wa bota, da ka sa wuƙa sai ya riƙa zubar da gari, kuma in ya kwana ba ya shan shayi da daɗi. Mu ba ma cewa komai, sai dai mu koma wani gidan.

Telan_KasuwarBarci: Ku yi haƙuri in sa baki, sana'armu daban amma ciwon ɗaya ne. Na taɓa karɓar ɗinkin yunifom na wata makaranta, na yi lissafin yadi a kan mai faɗin inci 60, da na je saye sai mai 45 na samu a launin da suke so. Na sayi adadin da na rubuta ban sake lissafi ba. Wando nawa ne suka rage babu yadi, da na koma kuma launin ya ƙare, wanda aka kawo daga baya ya ɗan fi duhu. Tun daga nan ba na rubuta "yadi kaza" sai na rubuta faɗinsa a gefe, da zare da maɓalli da zif da roba, har da alli. Robar fentinku ta tuna mini da wannan. Ma'aunin da ba a rubuta ainihinsa ba shi yake kayar da mutum.

Akawun_Kawo: Tela ya kawo mu inda nake so. Ɗan_Rigasa, ga satinka in buhu 18 ne: suga kilo 108, bota 36 ban da ta gwangwani, yis fakiti 18, gishiri kilo 14 da giram 400, imfuruba kilo 3 da giram 600, ruwa lita 486, wato jarka 20 mai lita 25 in 'yan garuwa ne suke kawo maka, ban da na wanke-wanke.

Amma wannan abin da za a ci ne, ba abin da za ka saya ba. Kafin ka tafi kasuwa ka shiga sito ka ƙirga abin da ya rage. Sannan ka yanke wa kanka abin da ba za ka yarda sito ya gaza shi ba, a ce na yini ɗaya: fulawa buhu 3, suga kilo 18. Sai ka haɗa abin da za a ci da wannan ajiyar, ka cire abin da ka tarar. Misali ka tarar da fulawa buhu 4 da suga kilo 20. Fulawa: 18 da 3, a cire 4, sayo 17. Suga: 108 da 18, a cire 20, saura 106. Tunda buhu ba ya rabuwa, buhu 3 ke nan, kuma rarar za ta sa sati mai zuwa 2 su ishe ka. In kana da Excel a waya, wannan zai cike maka zuwa buhu:

```
=ROUNDUP((108+18-20)/50,0)
```

In babu, littafin makaranta mai layi ya isa. Adadin kaya ka rubuta da biro, farashi da fensir, don shi kullum canzawa yake.

Garba_Kakuri: Akawu, a nan ban bi ka ba. Don kilo 6 mutum ya sayi buhu guda? Kuɗin kilo 44 ya kwanta a sito sati guda, alhali mai fulawa yana jiran cikon kuɗinsa. Ƙaramin gida ba shi da wannan ƙarfin. Ya sayi buhu 2, ya auno kilo 6 ɗin a kasuwa da rana tsaka, ba da asuba a shagon unguwa ba.

Akawun_Kawo: Suga ba ya lalacewa a sati in ba a jiƙa shi ba, kuma na awo ya fi na buhu tsada a kowane kilo. Amma na yarda, in jarin ya matse, taka ma hanya ce. Abin da ba na so shi ne a ce bai san da giɓin ba sai ya faɗa ciki.

Yaro_Na_Oga: Ni a inda na yi aiki da, in suga ya yi tsada rabi ake sawa a cike da sakarin. Akwai kuma wani farin gari da ake sa ɗan kaɗan, burodi ya kumbura ya cika gwangwani ko an rage yanka. Ba sai ya huta da duk wannan lissafin ba?

BabaMaiOben: Yaro, kada ka sake ba wani wannan shawarar. Farin garin nan buromet ne, NAFDAC ta haramta shi a burodi saboda illarsa ga lafiya, sakarin ma ba a yarda da shi a burodi ba, kuma ana rufe gidaje a kansu. Ko babu hukuma, 'ya'yan mutane ne suke ci da safe kafin makaranta. Kuma suga ba zaƙi kaɗai yake yi ba, shi ne yake ba ɓawon burodi launi ya kuma riƙe masa laushi. Burodin sakarin fari fat yake fitowa, ya bushe da wuri.

Yaro_Na_Oga: Allah ya ba da haƙuri Baba, abin da na gani na faɗa. Na bar wurin ma.

Hajiya_Malali: Wani abin da za a ƙara, takardar nan ba ta shekara ba ce. In hunturu ya shigo Kaduna, Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a duro sanyi ƙarara yake yi, ƙullu ya ƙi tashi. Ni ina ƙara yis, fakiti ɗaya da kwata a buhu, don haka sayen yis ɗina yana hawa a watannin nan. A zafin Maris da Afrilu kuma in rage.

BabaMaiOben: Hajiya, a nan mun saba. Ni ba na taɓa yis. Ina surka ruwan ya yi ɗumi kaɗan, in rufe tagogin ɗakin tashi, in lulluɓe gwangwanaye don iskar hunturu kada ta busar da saman ƙullu. Yis in ya yi yawa ana jin warinsa, kuma kuɗi ne. Abin da nake canzawa da yanayi ruwa ne: fulawar rani ta fi shan ruwa, ta damina ta riga ta sha danshi a sito, sai a rage lita ɗaya ko ƙullu ya yi caɓi. Kuma ka tuna duk litar da ka rage, manyan burodi 2 ne suka fita daga lissafi.

Hajiya_Malali: Baba, kai ɗakin tashinka na bulo ne mai rufi, nawa kwano ne. Na gwada ruwan ɗumi, kafin a gama yanka ya huce. Kowa dai da ɗakinsa.

Maman_Biyu: Ni dai abin da na sani a yis, in ka taɓa fakitin ka ji shi da tauri kamar dutse to lafiyarsa ƙalau. In ya yi laushi yana motsi a ciki, iska ta shiga, kada ka karɓa.

Ɗan_Rigasa: Jama'a na dawo da labari. Jiya na aro sikeli mai lamba, na zo tun ƙarfe uku. Na ɗebi manya goma daga teburi kamar yadda Baba ya yi: mafi ƙanƙanta 510, mafi girma 550, duka goman kilo 5 da giram 290. Robar suga kuma da aka cika ta zuwa alamar, kilo 6 da giram 400 ta ɗauka. Akawu, ga amsar tambayarka: buhu 15 sun cinye kilo 96 ke nan, shi ya sa na 16 yake rasa. Mai yankanmu da ya ga lambobin shi kansa ya yi shiru, ya ce tsohon sikelin allurarsa tana maƙalewa, kuma da na duba gaskiya ne. Na ji kunyar zargin da na fara yi musu a zuciya.

Yau an yanka da sabon sikelin, buhun farko ya ba da 168. Sai dai wani mai shago ya riƙe burodin ya juya shi ya ce kamar ya rage girma.

Sarkin_Shayi_TW: Zai faɗa ai. Wata huɗu kana ba shi na 530, idonsa ya saba. Ni da kai ne da na sauko a hankali, 515 na sati biyu, sannan 500.

Akawun_Kawo: In zai yi haka to ya sake lissafin satin da 515, kada ya bar 500 a takarda. Kilo 85 a 515 burodi 165 ne. Manya 300 za su ci kilo 154 da rabi, da ƙanana ya zama 254 da rabi, rararsa ta koma rabin kilo, babban burodi ɗaya ma bai cika ba. Sai dai ya ƙara ɗan kwaɓi.

BabaMaiOben: 168 ba 170 ba, saura kilo ɗaya ba a san inda yake ba. Gobe kafin a farke buhu ka ɗora shi a sikeli, ba kowane buhu ne yake cika 50 ba in ya sha hannu a hanya. Sannan ka auna ƙullun gaba ɗaya bayan ya fito daga injin murza, ka ga ko 85 ɗina ya yi daidai da injinka ko naka 84 ne. Ƙananan fa, ka auna su?

Ɗan_Rigasa: Ban auna ba Baba, hankalina ya tafi kan manyan. Gobe in sha Allahu zan ɗebi ashirin. Sikelin aron kilo 30 ne iyakarsa, buhun sai dai in raba shi biyu a baho. Akwai wanda ya san inda zan samu babba mai ɗaukar kilo 100 a nan cikin gari, ko sai na shiga Kasuwar Gumi?